Shekara huɗun farko a saiti: yadda ilimin injiniyan gini yake taruwa a hankali

Duk shekara idan aka yaye masu bautar ƙasa sai na samu ƙannena biyu ko uku sun zo mun da magana iri ɗaya. Yallaɓai na yi shekara biyar ina karatun injiniya, na yi wata shida na SIWES, na gama NYSC, yanzu gani a saiti ina ƙirga buhun siminti ina rubuta sunan leburori, kuma abin da ake bani a wata ko alawus ɗin dubu 77 da ƴan bautar ƙasa suke karɓa tun 2025 bai kai ba, wai wannan shine aikin? Wani ma har yace abokinsa da ya kama harkar waya a Farm Centre ya sayi mota. Bana raina wannan ƙorafin wallahi, saboda nima na yi shi, kuma kuɗin da gaske yayi kaɗan. Amma bana son in ce muku kuyi haƙuri kawai in tashi, don haƙurin da babu aiki a cikinsa ba abin da yake tarawa. Abin da nake so shine in nuna muku me ake yi a cikin shekarun nan, mataki mataki, kuma zan yi maganar da harshen aikin da na sani wato gini da kankare. Ina cewa "kai" ne don sauƙin magana, ƙannena mata da suke saka hular kwano su shiga saiti har da ku nake.

Abu na farko da ya kamata ka gane shine me yasa aikin namu yake da jinkirin koyo. Ba don kanka baya ja bane. A makaranta ka rubuta jarrabawa sakamako ya fito, ka san inda ka tsaya. A gini amsar abin da kayi yau bata dawowa yau. Ka zuba kankare ranar Asabar, sai bayan kwana 7 za a fasa kiyub na farko, wato ɗan curin kankaren da aka ɗiba don gwajin ƙarfi, a gaya maka wani abu, sai kwana 28 za a fasa sauran a san ainihin ƙarfinsa, sai an cire katako kaga ko akwai ramuka irin saƙar zuma a jikin pila, sai damina ta wuce ka san ko ruwa yana kwanciya a kan dakin ɗin wato rufin kankaren, wani tsagewar bangon kuma sai shekara uku ko huɗu yake fitowa bayan ƙasa ta gama zama. Kaga kenan duk hanzarinka bazaka iya matso da amsar kusa ba. Abin da kawai yake hannunka shine idan amsar ta iso ta same ka kana tune da tambayar, kuma nan ne yawancin mutane suke asara, amsar tana zuwa sun manta abin da suka yi ko ma sun bar wajen.

Matakin farko: littafi, da ƙiyasi kafin aiki

Ka sayi littafi mai kauri mai bango mai ƙarfi, naka na kanka, ba littafin saiti na kamfani ba wanda idan ka tafi zaka barshi. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, yanayin gari, aikin da aka yi, mutum nawa suka yi shi, kaya nawa ya ci. Wannan kowa zai gaya maka. Abin da ba a cika faɗa ba, kuma shine zuciyar maganata gaba ɗaya, shine kafin a fara kowane aiki ka rubuta ƙiyasinka da biro, bayan an gama ka rubuta abin da ya faru a gefensa, sannan ka zauna ka nemo dalilin bambancin. Da biro nace ba fensir ba, saboda zuciya tana da wayo, idan aiki ya ƙare sai ta ce maka ai dama haka kayi tsammani.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe. Za a zuba dakin mai tsawon mita 10, faɗin mita 8, kaurin milimita 150. Idan ka ninka 10 da 8 da 0.15 zai baka kiyubik mita 12. Haɗin 1:2:4 aka ce, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Busassun kaya idan suka haɗu da ruwa suna shigewa juna, shi yasa ake ninka kowace kiyubik mita ɗaya da 1.54, sai ka raba gida 7 ka samu kason siminti 0.22, ka ninka da kilo 1440 wato nauyin kiyubik mita ɗaya ta siminti, ya baka wajen kilo 317, buhu kuma kilo 50 ne, kenan buhu 6.3 a kowace kiyubik mita. A dakin ɗinmu buhu 76 kenan. Ka ƙara ɗan abin da zai zube ka nemi 80. Wannan duk ɗan aji uku ya iya shi, kuma ba shine ilimin ba. Ilimin yana farawa ne da yamma lokacin da ka ƙirga fankon buhuna ka samu 88.

A nan mutane suke rabuwa biyu. Wani zai ce an sace ko kuma leburori sun yi ɓarna, ya rufe littafi ya tafi gida. Kai ka ɗauki ƙusa ko guntun rodi tun kankaren yana ɗanye ka soka a wurare goma ka auna kaurin. Sai ka tarar a gefe 150 ne amma a tsakiya ya kai 175 zuwa 180, saboda katakon ƙasan ya ɗan lotsa da nauyi ya hau, ko kuma dama kafinta bai ɗaure lebul ɗinsa daidai ba, shi kuma mai shafe saman ya bi igiyarsa ya cike. Idan matsakaicin kaurin ya zama 165, kankaren ya koma kiyubik mita 13.2, siminti ya koma buhu 83, kaga ka gano buhu 7 daga cikin 12 ɗin da suka ɓata maka lissafi. Ragowar ka bincika zaka samu ɗan fili na saman matakala da baka saka a lissafi ba, da wanda aka kwaɓa aka yi biskit da shi, wato ƴan guntayen da ake sakawa ƙarƙashin rodi don kar ya kwanta a kan katako, da wanda ya zube a hanyar masu kwano. To yanzu ka koyi abu uku da babu malamin da zai iya saka maka su a kai: ka duba tazarar sandunan da suka tokare katako kafin zubi, ka bi lebul ɗin kafinta da idonka da injin awo, kuma ka zagaya wajen da ƙafarka kafin ka yi lissafi daga zane kawai.

Wanda yafi wannan haɗari shine ranar da lissafin ya faɗi ƙasa. Wani dakin irin wannan girman aka gama sai ka ga buhu 66 kawai ya ci, mai aiki yana ta murna an yi tattali. Kai bai kamata kayi murna ba. 66 a raba da 12 buhu 5.5 ne a kiyubik mita, kankaren ya yi rauni kenan. Yawanci ga yadda abin yake faruwa: buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, don haka haɗin 1:2:4 shine buhu ɗaya, kwano 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa, amma da rana ta take an gaji sai masu ɗiba su fara toza kwanon har ya yi tsororuwa, ko mai injin ya ƙara kwano ɗaya don a gama da wuri, sannan a ƙara ruwa don ya yi saurin bi. Jarka ɗaya mai lita 25 ga buhu ɗaya ita ce ma'aunin da zaka riƙe a ka, in yashin ya sha ruwan sama ma ka rage. Ranar da ka fahimci wannan zaka daina tsayawa a saman dakin kana kallon masu shafe, zaka sauko gindin injin kwaɓa ka tsaya, don a nan ake yanke hukuncin ƙarfin ginin.

Kada ka bari a fasa kiyub babu kai. Ka cika shi da hannunka, mai milimita 150, hawa uku kana dannawa, ka rubuta kwanan wata da wajen da aka zuba, washegari ka saka shi a ruwa. Kafin a kai ɗakin gwaji ka rubuta a littafinka nawa kake zaton zai bayar. Na kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin kwana 28, Juma'ar da zata yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, idan ana neman 25 N/mm² kuma na kwana bakwai ya baka 11, kar ka jira wata ya cika kafin ka sanar da na gaba da kai. Bayan ka yi haka sau ashirin ko talatin wani abu zai fara faruwa da kai, zaka kalli kankare yana saukowa daga bakin injin, ka ga yadda yake zama a kwano, ka faɗi kusan abin da kiyub zai bayar. Mutane zasu ce baiwa ce. Ba baiwa bace, ƙiyasi talatin ne da aka gyara ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu: ka zama ɗalibin masu sana'a

Wannan yana yiwa masu digiri wuya kuma na san dalili, ka sha wahala kafin a kira ka injiniya, kana tsoron idan ka tambayi birkila za a raina ka. Gaskiyar ita ce sun riga sun san kai sabo ne tun ranar da ka shigo, daga yadda ka riƙe tef ma sun gane. Abin da suke jira su gani shine wane irin sabo ne kai. Dattijon magini da ya yi shekara talatin yana ɗora bulo, ka kira shi Baba ko Malam, ka gaishe shi kafin ka gyara masa aiki, kuma kar ka gyara shi a gaban yaransa, ka ja shi gefe. Ka tambaye shi bulo nawa mutum ɗaya da leburansa suke ɗorawa a rana a ƙasa, nawa kuma a hawa na biyu inda sai an miƙa, ka rubuta, sannan ka ƙirga da kanka ka gani. Ka tambayi mai ɗaurin rodi me yasa ya yanka haka.

Rodi ma kansa darasi ne irin na siminti. A dakin ɗin ɗazu, a ce Y12 ne, wato rodi mai kaurin milimita 12, a tazarar milimita 200 ta kowane ɓangare, zaka samu sanda 41 masu mita 10 da sanda 51 masu mita 8, jimilla mita 818, ka raba da 12 wato tsawon rodi ɗaya, ka ce a sayo 69. Mai ɗaurin rodi zai girgiza kai yace bazai isa ba, kuma shi ke da gaskiya, domin duk mita 10 da ka yanka ka bar guntun mita 2, duk mita 8 ka bar guntun mita 4, in kowace sanda daga sabon rodi zata fito 92 kake buƙata. Gwanintar ita ce ka zauna da zane tun kafin a saka almakashi ka nemo wa guntayen nan gurbi, misali rodin sama da ake ɗorawa a kan bim, don kar su ƙare a hannun ƴan gwangwan. Shi ya san yanka, kai ka san inda aka yarda a haɗa rodi da inda ba a yarda ba da tsawon haɗin, idan kuka haɗa kai sai aikin ya fito.

Amma akwai iyaka kuma dole in faɗe ta. Magini yakan san yadda ake yi, ba kullum ya san dalili ba, kuma akwai al'adun saiti da basu da kyau komai daɗewarsu: ƙara ruwa a kankare, cire katakon ƙasan dakin kafin lokacinsa don ana son kai shi wani aikin, kwantar da rodi a kan katako babu biskit har bayan shekaru ka ga tsatsa ta fasa silin, barin sabon zubi babu ban ruwa a zafin Maris da Afrilu ko a iskar hunturu alhali yana buƙatar aƙalla kwana 7 a jiƙe. Idan aka ce maka ai haka muke yi tun kafin a haife ka, ka amsa da ladabi amma kar ka janye. Abin da yake baka ƙarfin tsayawa a irin wannan ranar shine ka riga ka nuna musu kana sauraro a ranakun da su ke da gaskiya.

Mataki na uku: ka zauna har gini ɗaya ya ƙare

Wannan ne wajen da haƙurin yake da tsada. Za a yi maka tayin ƙarin dubu ashirin a wani kamfani bayan wata biyar, sai wani kuma bayan wata shida. Bana ce kar ka taɓa tashi ba, zan zo kan wannan. Amma na ga matasa da takardarsu ta nuna saiti shida a shekara uku, idan ka zauna dasu sai ka gane fandisho shida suka gani, basu taɓa ganin rufi ko ɗaya ba. Mutumin da bai tsaya har lokacin filasta ba bazai taɓa jin zafin pilar da ta karkace da milimita 20 ba, don sai a lokacin ne ake cin siminti ana cike kuskuren. Wanda bai ga mai saka tayil yana fama ba bai san darajar lebul ba. Wanda bai ga mai famfo yana fasa bim don ya wuce da bututu ba, bazai tuna ya zauna da zanen ruwa da na wuta kafin zubi ya bar musu hanya ba. Kowane mataki na gini shine yake yiwa wanda ya gabace shi maki, in ka tafi kafin a yi makin aikin ka yi amma darasin wani ne zai ɗauka.

Ni kaina akwai wani gida da na yi aikinsa ina sabon shiga, aka cike ƙasan falo da jar ƙasa lokaci ɗaya kusan mita guda, aka watsa ruwa aka bi samansa da injin dannawa aka zuba jamanfulo, ni kuma na sa hannu don saman yayi tauri. Bayan damina biyu na koma unguwar na shiga gaisuwa, sai na ga tayil ɗin tsakiyar falon ya tsage, in ka ƙwanƙwasa kana jin ƙarar fanko. Na koma littafina na samu ranar, na ga na rubuta da hannuna cewa tifa kaza aka juye rana ɗaya. Daga ranar ban sake yarda a cike fiye da milimita 150 zuwa 200 ba tare da an danne ba kafin a ƙara wani. Abin yana cikin littafin makaranta, na ma amsa shi a jarrabawa, amma sai a falon nan ya zama nawa. Don haka ka saka wannan cikin tsarinka: duk ginin da ka yi, ka koma ka duba shi bayan damina ta farko da ta biyu, ka kalli kusurwar tagogi, ka kalli ƙasan bango ko danshi ya hau, ka tambayi masu gidan me yake damunsu.

Yadda abin yake hawa kan juna

Shekarar farko idonka ne yake buɗewa, kana koyon awo, karanta zane, saita gini da igiya da awon 3-4-5 na fitar da kusurwa daidai, da ƙirgen kaya. A shekara ta biyu ka fara mayar da littafin nan cikin Excel, ba wani abu mai wahala ba, layi ɗaya ga kowane nau'in rodi, kaurinsa a milimita a A, tsawonsa a mita a B, adadinsa a C, sai nauyinsa a kilo:

```
=A2^2/162*B2*C2
```

Da wannan zaka ga Y12 mita ɗaya kilo 0.89 ne, sanda ɗaya wajen kilo 10.7, tan ɗaya wajen sanda 94. Kuma da yake ka san wannan, ranar da aka kawo rodi ka yanki mita ɗaya ka ɗora a sikeli, in ya gaza sosai ka san sunansa ne kawai 12. Kaga yadda ƙaramin lissafi ya haifi hanyar kama kaya marasa kyau.

Daga nan abin yake fara haihuwa. Da yake kana da ainihin adadin abin da aiki yake ci, da adadin abin da ma'aikata suke iya yi a rana, sai ka wayi gari kana iya faɗin kwana nawa aiki zai ɗauka da nawa zai ci, kuma maganarka tana faɗawa kusa. Mai kamfani bazai yaba maka a baki ba wataƙila, amma zai fara kiranka idan zai saka farashin sabon aiki, can kuma zaka ga abin da ba a gani daga saiti, yadda ake lissafin riba, yadda ake neman biya kashi kashi, yadda canjin da mai gida yayi da baki yake zama rigima idan ba a rubuta ba. Idan kuma ka koma ɓangaren zane da lissafin ƙarfin gini, AutoCAD da sauran manhajojin zaka koye su cikin watanni, amma zanenka zai bambanta da na wanda bai taɓa tsayawa a rana ba, saboda bazaka cusa rodi a mahaɗar bim da pila har tsakuwa ta kasa wucewa ba, ka taɓa ganin saƙar zumar da hakan ya haifar. Kowane hawa yana sa na gaba yayi sauƙi da sauri. Shi yasa shekara ukun farko suke kama da ba a motsi, ta shida da ta bakwai kuma sai kaga abubuwa suna zuwa tare.

Ka kuma yi ƙoƙari kar shekarun su ƙare a ƙasa iri ɗaya. Wanda duk aikinsa a jar ƙasar Kano ko Zariya yayi, ranar da aka kai shi yankin baƙar lakar nan ta wajen Dikwa da Gamboru Ngala, mai kumbura da damina ta dare da rani, zai gane fandishon da ya saba ba ko ina yake aiki ba. Idan aka nemi wanda zai je aikin kwalbati ko hanya a ƙauye kowa yana noƙewa, in dai akwai tsaro, ɗaga hannu.

Maganar rajista

COREN, hukumar da take kula da aikin injiniya a Najeriya, tana neman shekara huɗu na gogewa bayan kammala digiri kafin ta yi maka rajistar injiniya, kuma zaka rubuta rahoton ayyukan da ka yi a zauna da kai a yi maka tambayoyi a kai. Mutane da yawa sai lokacin ya zo suke fara neman hotuna a tsohuwar waya suna ƙoƙarin tuno sunan aiki, wasu har su ari rahoton wani, kuma masu tambayar tsofaffin hannu ne, tambaya biyu zasu yi su gane. Kai kuwa in kana rubuta shafi ɗaya a kowace ranar aiki, a shekara huɗu kana da shafi wajen dubu. Tun yanzu ka tabbata akwai injiniya mai rajista da yake ganin aikinka, ko da ba a kamfaninku yake ba, ka riƙa kai masa littafin duk wata biyu ko uku yana dubawa. Ka shiga taron reshen ƙungiyar injiniyoyin Najeriya NSE na garinku ko da a kujerar baya zaka zauna. Hotunan aiki ka riƙa ajiye su da kwanan wata a wani waje ban da wayarka, musamman hoton rodi kafin a rufe shi da kankare don wannan ba a sake ganinsa.

Yaushe ne zama ya daina amfani

Littafin nan shi zai gaya maka. Ka buɗe wata shida na baya ka duba, idan duk ƙiyasinka yana faɗawa daidai kuma babu wani sabon nau'in aiki da ya shigo, ka gama kwashe abin da ke wajen. Ka fara neman a baka wani ɓangaren, in an hana ka fara duba waje. Haka kuma idan ana riƙe maka albashi wata da watanni, wannan zalunci ne kuma babu wanda ya isa ya kira shi horo, kana da iyaye da ƙanne da suke kallonka. Na ukun shine mafi nauyi: ranar da aka ce ka rage rodi daga abin da zane ya nuna, ko ka saka Y12 inda aka rubuta Y16, ko a ɗora hawa a kan ginin da ba a lissafa masa ba, kuma ka sa hannu. Ka faɗi ƙin yardarka da baki cikin ladabi, ka kuma rubuta a takarda ko saƙo ka ajiye kwafi, in aka dage ka tafi ko da baka da wani aikin a hannu, mutane ne zasu kwana a ƙarƙashin dakin ɗin da ƴaƴansu.

Idan tafiyar ta lafiya ce, ka bada sanarwa da wuri, ka miƙa aiki a rubuce, me aka zuba yaushe, wane kiyub ne bai dawo ba, wane katako ne bai isa cirewa ba da ranar da zai isa. Ka nemi takardar shaida mai ɗauke da sunan aikin da ranakun da ka yi da matsayinka tun kana wajen, don bayan shekara biyu wanda zai sa hannun ƙila ya bar kamfanin. Sannan ka karɓi lambar fomen da ta Baba magini da ta mai ɗaurin rodi, ranar da aka baka aikinka na farko na kanka su zaka fara kira, kuma su ne zasu buga maka waya su gaya maka idan bangon da kuka yi tare ya tsage.